Sakan bakwai a kan takardar wani mai kula da sito

Wani kamfanin rarraba kaya ya buƙaci wanda zai shugabanci sitonsa, sai ya fitar da sanarwa mai sharuɗɗa huɗu: shekara biyar ko fiye a aikin sito, iya ƙididdigar kaya, sanin manhajar SAP da kamfanoni ke riƙe lissafin kaya da ita, da gogewa wajen jagorantar ma'aikata. Kafin a rufe karɓa, takardun tarihin aiki 140 sun shigo, wato abin da ma'aikata ke kira sibi. Manajar sashen jigila ce za ta tace su, domin a ƙarƙashinta sabon mutumin zai yi aiki. Ni kuma daga sashen ɗaukar ma'aikata nake, nawa shi ne in jera mata takardun a kwamfuta, in riƙa rubuta hukuncin da ta yanke a kan kowace.

A cikin tarin nan akwai takardar wani bawan Allah da ya cika sharuɗɗan nan huɗu cif, ba ragi. Manajar ta buɗe takardarsa, ta dube ta, ta ce a sa ta a cikin waɗanda ba su dace ba. Ba ta san shi ba, ba ta da wani ƙulli da shi, kuma ba mace ce mai sakaci da aiki ba. Abin da ya faru tsakanin buɗe takardar da rufe ta shi ne abin da nake so mu bi sannu a hankali.

A fara da lissafin lokaci, domin shi ne tushen komai. In za ta ba kowace takarda minti uku, takarda 140 za su ci mata minti 420, awa bakwai ke nan cur, ga motoci na jiran lodi, ga waya ba ta daina ƙara ba. In kuwa sakan bakwai ta ba kowace, kafin minti ashirin ta gama zagayen farko. Don haka ba karatu take yi a wannan zagaye ba. Rabo take yi gida uku: waɗanda za ta dawo ta karanta, waɗanda take shakka, da waɗanda ta sallama. Karatu na gaskiya yana nan tafe, amma sai ga wanda ya tsallake rabon.

Wannan adadi na sakan shida ko bakwai da ake yawan ambato ya samo asali ne daga binciken da kamfanin TheLadders ya yi a 2012. Sun sa wa ƙwararrun masu ɗaukar ma'aikata 30 na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido, suka ga kallon farko yana ɗaukar kimanin sakan 6. Da suka maimaita a 2018, sai suka samu sakan 7.4. Ni dai ban ɗauki adadin a matsayin doka ba, domin mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma kamfanin kansa harkar masu neman aiki ce kasuwarsa. Abin da ya fi adadin amfani shi ne wuraren da idon ya sauka. Binciken na 2012 ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan ɗan lokaci yana ƙarewa ne a kan abubuwa ƙalilan: sunan mutum, muƙaminsa na yanzu da inda yake aiki, muƙamin da ya riƙe kafin nan da wurin, ranakun fara da barin kowanne, sai karatu. Sauran takardar, leƙe ne kawai don neman wasu kalmomi. Wannan kam na gan shi da idona a hannun manajar nan.

Abin da idonta ya tarar

Takardar mutumin shafi uku ce. Da ta buɗe a kwamfuta, abin da allon ya nuna bai wuce kashi ɗaya cikin uku na shafin farko ba, kuma ga abin da ke wurin: hotonsa a kusurwar dama, sunansa da manyan baƙaƙe, sai dogon jeri na bayanan kai, ranar haihuwa, matsayin aure, cikakken adireshin gida, lambar waya har biyu. Ƙasa da wannan akwai sakin layi mai taken manufa, layi biyar a cunkushe, yana cewa shi mutum ne mai himma da riƙon amana, mai son aiki a kamfani mai ci gaba inda zai yi amfani da basirarsa.

Wuri mafi tsada a takardar ke nan, kuma babu kalmar sito a cikinsa ko sau ɗaya. Idonta ya ɗan tsaya a hoton, kamar yadda idon kowa ke yi in ya ga fuska, sakan ɗaya ko biyu sun tafi a banza. Sakin layin manufar kuwa ko farkonsa ba ta karanta ba. Daga baya ta gaya mini dalili, ta ce a cikin takarda goma, takwas da irin wannan jimlar suke farawa, har idonta ya haddace siffarta, yana hango ta sai ya tsallake. Gaskiya ce mai ɗaci, amma haka take: duk maganar da kowa zai iya faɗa a kansa ba ta bambanta mutum da kowa. Ba wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne, don haka "mai himma" ba ta ɗauke da wani labari.

Ta murza linzami ta gangara. Sai ta faɗa cikin sashen karatu, wanda ya jero tun daga firamare, sakandare, har difloma, kowanne da shekararsa. Ta wuce. A ƙasan shafin farko aikin da ya yi ya fara bayyana, kuma ya jera su ne daga na farko zuwa na ƙarshe. Don haka abin da ta fara gani shi ne: mai karɓar kuɗi a kanti, 2015 zuwa 2017. Wanda ya saba duba takardu ya riga ya sa a ransa cewa aikin da ke sama shi ne na yanzu. Kafin ta lura da shekarun, zuciyarta ta riga ta ajiye shi a matsayin mai karɓar kuɗi da ke gwada sa'arsa.

Ta leƙa shafi na biyu. A saman shafin an rubuta: mataimakin ofis, 2017 zuwa 2022. Nan ta tsaya, ta ce, "Wannan ba ɗan sito ba ne, wuce."

A ƙarƙashin wancan muƙami akwai sakin layi mai layi goma sha ɗaya, ba tsagi ba rata. A layi na bakwai ne ya ambaci cewa tun shekararsa ta farko aka mayar da shi sito, shi ke karɓar kaya, shi ke fitarwa, shi ke shigar da komai a SAP, kuma mutum tara ne a ƙarƙashinsa. Kamfanin da ya yi wa aikin bai taɓa gyara sunan muƙaminsa a takarda ba, shi kuma saboda gudun ƙarya ya rubuta sunan yadda yake a takardar ɗaukarsa aiki. Ya kyauta da ya ƙi yin ƙarya. Amma amsar sharuɗɗan nan huɗu tana binne a tsakiyar sakin layin da ba mai shiga cikinsa a zagayen farko.

Akwai dalilin da ya sa tsakiyar sakin layi ke zama makabartar bayani. A 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa sakamakon bin idon masu karatu a allon kwamfuta, ya nuna ido kan bi wata siffa mai kama da harafin F. Yakan ja layin sama daga hagu zuwa dama, ya ɗan gangaro ya ja wani layin da bai kai na farko tsawo ba, daga nan sai ya bi gefen hagu ya zarce ƙasa yana tsintar kalmomin farko na kowane layi. Ba a kan takardun neman aiki ya yi binciken ba, amma mai sauri a gaban allo halinsa ɗaya ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kalma biyu ko uku na farkon layi su ke samun ido. Abin da ke ƙarshen dogon layi, ko a cikin cunkoson rubutu, sai wanda ya zauna karatu zai gan shi.

Yadda aka dawo kansa

Zagayen farko ya bar mutum goma sha biyu. Manajar ta zauna ta karanta su a natse, wannan karon minti biyar ko fiye a kan kowace, sai ta ga huɗu ne kawai suka taɓa aiki da SAP da gaske. Sauran sun jera sunanta ne a sashen ƙwarewa, amma babu wani aiki a tarihinsu da ya nuna inda suka yi amfani da ita. Ta ce mini, "Malam, huɗu sun yi kaɗan. Duba min cikin waɗanda muka sallama, ko akwai wanda ya kuɓuce mana."

Manhajar da muke tara takardun masu neman aiki a ciki tana da akwatin bincike, irin wanda ake samu a Workday da Greenhouse da makamantansu. Na rubuta SAP a ciki, na taƙaita binciken ga waɗanda aka sallama. Takardu shida suka fito, tasa na ciki. Na karanta layi na bakwai ɗin nan, na juya mata allon na ce, "Ranki ya daɗe, wannan kusan shekara shida ya yi a sito, ga kuma mutum tara a ƙarƙashinsa." Ta karanta, ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya sa ya ɓoye?"

Wannan tambaya tata ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Shi a ganinsa bai ɓoye komai ba, ya rubuta duk abin da ya yi. Ita kuma a ganinta, abin da ba ya wurin da ake nemansa ɓoyayye ne. Mutane da yawa suna ɗora laifin rashin kira a kan manhaja, su ce na'ura ce ta jefar da takardarsu kafin ɗan Adam ya gani. A wannan lamari dai mutum ne ya sallame shi, manhajar ce ma ta tono shi. Kuma ta iya tono shi ne saboda takardarsa rubutu ce na gaske da kwamfuta ke iya karantawa. Da hoton takardar ya ɗauka da waya ya turo, to sai an dace manhajar ta iya gane baƙaƙen da ke cikin hoto, in ba haka ba bincike ba zai gan shi ba. Gwajin wannan mai sauƙi ne: ka buɗe fayil ɗinka, ka danna Ctrl+F, ka nemi wata kalma da ka san tana ciki. In ba ta fito ba, akwai matsala.

Ko da ta karanta a natse, abu ɗaya ya ci gaba da damunta, wato ranaku. Ya rubuta 2017 zuwa 2022, aiki na gaba kuma ya fara a 2024. Shekara zalla ba tare da ambaton wata ba tana barin mai dubawa cikin zato. In ya fara a Disambar 2017 ya bari a Janairun 2022, shekara huɗu da ɗan ɗoriya ke nan, bai kai biyar ɗin da aka nema ba. Kuma tsakanin 2022 da 2024 ana iya ƙirga giɓin da ya kusa shekara biyu ko ma ya wuce. Da muka kira shi a waya, sai ta bayyana cewa ya fara a Maris 2017 ya bari a Disambar 2022, shekara biyar da wata goma. Ya koma aiki a Fabrairun 2024, giɓin wata goma sha uku ne, kuma jinyar mahaifinsa ya yi. Duk wannan layi ɗaya zai ɗauke shi. Mai tacewa in ya ga giɓi ba bayani, ba ya tsayawa tambaya a zagayen farko, da kansa yake cike gurbin, kuma ba kasafai yake cikewa da kyakkyawan zato ba.

Takardar da ya kamata ta zo

Za a tura takardun waɗanda aka zaɓa ga babban darakta kafin intabiyu, shi kuma ya fi manajar ƙarancin lokaci. Don haka na shawarci mutumin ya sake tsara tasa. Ba a ƙara ko kalma ɗaya da ba gaskiya ba, wuri kawai aka sauya wa abubuwa.

Hoto ya fita, haka ranar haihuwa da matsayin aure, tunda sanarwar ba ta nemi ko ɗaya ba. A sama aka bar suna, lambar waya ɗaya, da imel. Maimakon sakin layin manufa, sai layi biyu: "Mai kula da sito, kusan shekara shida a karɓa da fitar da kaya da ƙididdiga. Ina aiki da SAP kullum, na jagoranci ma'aikata tara." Duk wanda ya ɗora wannan kusa da sanarwar zai ga sharuɗɗan huɗu sun samu amsa kafin a taɓa linzami.

Aka juya jerin ayyuka, na yanzu a sama, na kanti can ƙasa a layi ɗaya tak. Wajen muƙamin da ya jawo masa sallama, ba a sauya sunan ba, domin in aka tuntuɓi tsohon wurin aikinsa sunan da za su faɗa ke nan, kuma saɓani a wannan wuri yakan rusa komai. Abin da aka yi shi ne a haɗa sunan da aikin a layi guda: "Mataimakin ofis, mai kula da sito, Maris 2017 zuwa Disamba 2022." Ƙasa da shi aka sa layin giɓin a fili, jinyar iyali, Janairu 2023 zuwa Janairu 2024.

Inda aka fi daɗewa shi ne wajen warware sakin layin nan mai layi goma sha ɗaya. Ya fara shi ne da "Ayyukana sun haɗa da", sannan ya jero nauyin da ke kansa. Matsalar jera nauyi ita ce, manajar ta riga ta san abin da mai kula da sito ke yi, ita ta rubuta sanarwar. Abin da ba ta sani ba shi ne girman siton da ya riƙe da kuma yadda ya riƙe shi. Na tambaye shi nau'in kaya nawa ne a siton, ya ce kusan 1,200. Na tambaye shi sau nawa ake ƙirga, ya ce da can sau ɗaya ne a shekara, shi ya kawo tsarin ƙirga wani sashe kowane mako. Na ce to me ya canja? Ya ce bambancin da ake samu tsakanin abin da ke cikin kwamfuta da abin da ke kan kanta ya sauko daga kashi 3 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. Wannan babban abu ne a aikin sito, amma bai rubuta shi ba, wai yana jin nauyin yabon kansa.

Sakin layin ya koma gajerun layuka huɗu, kowanne ya fara da aikatau, kowanne da adadi kusa da farkonsa. "Na jagoranci ma'aikata 9 a sito mai nau'in kaya 1,200." "Na rage bambancin ƙididdiga daga kashi 3 zuwa ƙasa da kashi 1 ta hanyar ƙirgan mako-mako." Alƙaluma suna fitowa fili a tsakiyar baƙaƙe, ido mai gudu yana tuntuɓe da su ya tsaya. Sharaɗin kawai shi ne ya zama adadin da mutum zai iya karewa, domin a intabiyu a kansa za a fara tambaya. Karatu ya koma ƙasa, difloma kaɗai aka bari. Shafi uku suka zama ɗaya da rabi. Da sabon ɗalibi ne da bai taɓa aiki ba, da karatun ne zai hau sama, tunda shi ne mafi ƙarfin abin da yake da shi.

Mun gwada sabuwar takardar a kan wani abokin aiki da bai san lamarin ba. Na nuna masa allon na ƙirga sakan bakwai, na rufe, na tambaye shi aikin me mutumin ke yi, shekara nawa, kuma me ya riƙe a ransa. Ya ce ɗan sito ne, shekara shida, SAP, mutum tara. Kowa na iya yin wannan gwaji da ɗan'uwansa ko abokinsa, in dai wanda za a nuna wa bai riga ya san tarihin ba.

Ba na so a fahimci cewa kallon sakan bakwai adalci ne, ko kuma duk laifin na mai takarda ne. Ido mai sauri da al'ada yake aiki, kuma al'ada tana ɗauke da son zuciya. A 2004 masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun wallafa gwajin da suka yi a biranen Boston da Chicago na Amurka, inda suka tura kusan takardu 5,000 ga masu neman ma'aikata, suna sauya sunayen da ke kai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka fi sani ga fararen fata sun samu kira da kusan kashi 50 cikin ɗari fiye da masu sunayen da aka fi sani ga baƙaƙen fata. Suna shi ne abu na farko da ido ke sauka a kai, kuma wannan babu tsarin shafin da zai gyara shi daga ɓangaren mai nema. Gyaransa yana hannun masu ɗauka.

Shi ya sa bayan wannan lamari muka sauya yadda muke tacewa a sashen. Kafin a buɗe takarda ko ɗaya, manajar kan rubuta sharuɗɗan da ba makawa sai da su, a ajiye a gefen allo, don idonta ya nemi su maimakon sunan muƙami. Muna rufe suna da hoto a zagayen farko. Kuma ba a aika wa kowa saƙon ban haƙuri sai an bi tarin waɗanda aka sallama da binciken kalmomin sanarwar, haɗe da 'yan uwansu, domin wani "sito" zai rubuta, wani "ma'ajiyar kaya", wani kuma "ɗakin ajiya".

Mutumin ya shiga cikin biyar ɗin da aka kira intabiyu. Darakta bai yi maganar giɓin ba ko kaɗan, tunda ya ga bayaninsa a rubuce. Tambayarsa ta farko a kan ƙirgan mako-mako ce: da wane sashe ya fara, kuma yaya ya shawo kan ma'aikatan da suka ga an ƙara musu aiki. Nan mutumin ya saki jiki, ya shafe kusan minti goma yana bayanin yadda ya fara da kayan da suka fi saurin fita, domin a cikinsu kuskure ya fi taruwa, sannan ya rarraba sauran a kan makonni yadda kowane nau'i zai samu ƙirga aƙalla sau huɗu a shekara.